Kalmomin da ake cire wa harafin farko: a fara daga aya

Tambaya: Salamu alaikum. Yaya, don Allah ka taimaka mini. An ce mu kawo kalmomin Hausa guda ashirin waɗanda in an cire harafinsu na farko sai wata kalma daban ta fito. Ruwa da uwa kawai na samu, kaina ya kulle.

Amsa (an rubuto daga saƙon murya):

Wa'alaikumus salam ƙanwata. To, abin da ya sa kanki ya kulle, ta baya kika ɗauko aikin. Kina ɗauko kalma ki cire mata kai ki duba ko saura na da ma'ana, a haka sai ki wuni ba ki haɗa biyar ba. Juya shi za ki yi. Yawancin kalmominmu da baƙi suke farawa, wasali na biye, saboda haka in kin cire baƙin, abin da zai rage dole da wasali zai fara. Kalmomin da ke farawa da wasali kuwa ba su da yawa. Su za ki fara tarawa, gajeru irin su aya, aro, ado, iya, isa, ita, ina, iri, uwa, uba, aure, auna, ango, sannan ki bi baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya kina ɗora musu a gaba.

Bari mu yi da aya ki gani. Sa b, kin samu baya. Tsallake c, ba komai a wurin. Sa ɗ mai ƙugiya, ɗaya. Sa g, gaya, kamar ki ce na gaya masa. Sa h, haya. Sa k, kaya, sannan ƙ mai ƙugiya, ƙaya, kin ga waɗannan biyu ne daban, kada ki haɗe su. Ci gaba: raya, saya, taya, waya. Goma ke nan daga kalma ɗaya tak, rabin aikinki ya ƙare. Sai dai ni da ni ne, ba zan zuba goman duka a takarda ba, mai dubawa zai ce wayo kika yi masa. Ɗauki biyu ko uku, ki koma kan aro ki samu yaro, taro, karo. Auna zai ba ki zauna, tauna, ƙauna. Aure zai ba ki zaure da ɗaure. Ango kuma bango da zango. Isa na da kisa, nisa, bisa. Sai fita da ita, gina da ina, biri da iri, miya da iya, duba da uba, gado da ado, babu da abu. Ai kin wuce ashirin tuni.

Yanzu inda gardama take, don na san sai an yi ta a rukunin nan. Baƙaƙe masu goyo, wato irin su kw, ky, gw, gy, ƙw, ts, sh. Kwando in kin cire k sai wando ya fito. Gyara ya koma yara, gyaɗa ta koma yaɗa, kyau ya koma yau, gwani ya koma wani, kwasa ya koma wasa, tsada ta koma sada. A ido sun fi duk sauran daɗi. Amma malamin Hausa zai iya ce miki kw ɗin nan sauti ɗaya ne, ba k da w ba ne aka jera, don haka rabin baƙi kika cire. Musamman ts da sh, waɗanda a jerin haruffan Hausa kowanne harafi ne mai zaman kansa. Kuma da gaskiyarsa. In kika bi ra'ayinsa, shiri zai ba ki iri, domin sh ce za ta fita gaba ɗaya, kwando kuwa ya faɗi, tunda ando ba kalma ba ce. Shawarata ki ware su gefe, ki rubuta a samansu cewa waɗannan a rubuce ne aka raba. Akwai wadda ta tsira ta kowace fuska, tsaya: cire t ki samu saya, cire ts ki samu aya.

Sai waɗanda ke farawa da wasali su kansu. Nan akwai hanyar da za ki gane tun kafin ki wahala. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, to in kin ga baƙi biyu sun biyo bayan wasalin, wuce kawai. Iska za ta bar miki ska, ango ya bar ngo, arziki ya bar rziki, bakinki ma ba zai yarda ba. Irin su alƙali da aljihu duk haka. Wanda baƙi ɗaya ya biyo ne ake gwadawa: ayaba ta ba ki yaba, araha ta ba ki raha, aku ya ba ki ku, uku ma ku.

Ki kula da ƙugiya fa, nan ne mutane ke zamewa, tunda da yawa a waya ba sa sa ta. Wani zai ce akwai na ba da ƙwai. A'a, k ɗin akwai ba ta da ƙugiya, abin da ya rage ba na kaza ba ne. Kalmar idan ma ba ta ba da ɗan. Kalmar haka tana ba da aka, amma haƙa ta rijiya ba ta ba da komai. Sannan kada ki karɓi abin da asalinsa kalma biyu ne aka manne, a rabe ake rubuta irinsu. Sunan mutum kuma, kamar hali ya koma Ali, da karin harshe, kamar wanka ya koma anka na Sakkwatanci, ki tambayi wanda ya ba da aikin ko ya yarda da su.

Wani abu, ko da za a tambaye ki. Wasan nan na rubutu ne, kunne bai cika yarda da shi ba. Ki furta duba ki furta uba, u ɗin duba dogo ne, na uba gajere, rubutunmu ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Kuma kalmar da muke cewa ta fara da wasali, a furuci akwai hamza a gabanta, ba a dai rubutawa ne. Shaida, auna in ta zama ma'auni sai ga ta ta bayyana, haka aiki da ma'aikaci. Wato a baki musanya baƙi kika yi da wani baƙin.

In kina son ki burge, ki rufe takardar da masu sarƙa, waɗanda ake ta cirewa suna ta ba da kalma. Ruwan da kika samo ma haka yake: ruwa, uwa, wa, a. Ƙwai, wai, ai, i, in an yarda da raba goyo. Wadda na fi so ita ce amana, don babu mai ja da ita: amana, mana, ana, na, a. Ki turo jerin naki nan in kin gama, in duba miki ƙugiyoyin kafin ki miƙa.