Saitin kamfas a cikin daki kafin tashin farko

"Na gama hada sabon jirgina mai farfela hudu a kan manhajar tuki ta ArduPilot, na yi saitin ma'aunin motsi da kamfas da rimot duk a daki. Zan iya tashi gobe?"

Malam, na ma'aunin motsi ya yi a daki, muddin ka ajiye jirgin ta fuska shida da manhajar saiti ta Mission Planner ta nema, kowace ka bar shi ya tsaya cik kafin ka danna. Rimot ma haka, amma ka cire farfela tukuna, ka kai kowace sanda karshenta, ka ga lambobin sun kama wajen 1100 zuwa 1900.

Kamfas din ne nake so ka sake. Rodin da ke cikin kankare da wayoyin bango suna karkatar da maganadisu, jirgin kuma ya haddace wannan karkatar a matsayin daidai. Ka fita fili, nesa da mota, ka ajiye wayar hannu da makullai, batir na daure a mazauninsa, sannan ka jujjuya jirgin ta kowane bangare. Da ka gama, ka fuskantar da hancinsa arewa ka duba ko allon ya yarda.

In ka bar saitin dakin yadda yake, a yanayin tashi na Stabilize, inda kai ke tuka jirgin da hannu, ba za ka ga komai ba, wannan ne ke yaudarar mutane. Kana shiga Loiter, yanayin da jirgin ke tsayawa wuri daya da kansa, sai ya fara zagaye, da'irar tana kara fadi. Da ka ga haka, koma Stabilize nan take ka sauka.