Lita huɗu a rana, bayan gida bai yi laushi ba: likita ya amsa tambayoyinku

Daga wani direba a Jidda: "Likita, shekarata 38. Wata uku ke nan sai na kwana uku ko huɗu ban zaga ba, in na je kuma kamar duwatsu. An ce in yawaita ruwa, yanzu ina shanye kusan lita huɗu a rana. Fitsari kawai nake yi, har barci yana hana ni. Ko in ƙara?"

Malam, kada ka ƙara. Fitsarin nan da ya dame ka shi ne shaidar cewa jikinka ya ƙoshi da ruwa, ragowar yake zubarwa.

Ruwan da ka sha ba ya zarcewa kai tsaye zuwa inda bayan gida yake. Tun a ƙaramin hanji ake tsotse mafi yawansa, ya shiga jini, ƙoda ta ɗebi abin da ya yi rara ta mayar da shi fitsari. Abin da ke isa babban hanji kusan lita ɗaya da rabi ne a rana, shi ma babban hanjin yana ta tsotsewa har sai ɗan kaɗan ya rage a cikin bayan gida. Gwargwadon daɗewar bayan gida a can, gwargwadon bushewarsa. Na kwana huɗu dole ya yi tauri ko da tulu guda ka shanye.

Ƙarin ruwa yana amfani ne ga wanda dama jikinsa ke cikin ƙarancin ruwa. Wanda fitsarinsa ya riga ya yi haske, lita ta uku da ta huɗu ba su da aikin yi a hanji sai in sun tarar da abin da zai riƙe su a ciki. Wannan abin shi ne dusa da zare-zaren abinci, wato faiba, wadda ba ta narkewa, sai dai ta jiƙe ta kumbura kamar soso. Babban mutum yana buƙatar giram 25 zuwa 30 a rana.

Ba ka faɗa mini abincinka ba, amma na san cimar direbobi a nan: tamis da shayi da safe, kabsa ko soyayyar kaza da rana, farin burodi da dare. Kofin dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram ɗaya na faiba ba, kaza kuwa ba ta da ko kaɗan. Da ƙyar irin wannan cimar ke kai giram 10. To ga lissafi: kofin ful da safe zai ba ka kusan giram 9, dabino giram 100 kusan 7, kofin adas da dare sama da 12. Ka kai ma'auni ke nan ba ka fita daga abin da ake sayarwa a bakin titi ba. In an yi tuwo a gida, miyar kuɓewa, kuka ko lalo ta fi miyar jajjage amfani gare ka. Amma ka ƙara a hankali cikin mako biyu, don in ka afka masa rana ɗaya iska da kumburin ciki za su sa ka tsine wa shawarar.

Ruwan kuma ka dawo da shi lita biyu zuwa biyu da rabi, tunda a mota mai sanyi kake yini, ka kuma rage sha bayan isha'i. Sai abin da direbobi ba sa son ji: matse bayan gida saboda fasinja. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo. Ka ware minti biyar zuwa goma a lokacin kullum, ko da ba ka ji matsuwa sosai ba. In masan zama ne irin na kujera, ka ɗora ƙafafu a kan ɗan kwali ko kujera 'yar tsugunne, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo. In mako uku zuwa huɗu ya wuce babu sauyi, akwai makrogol da laktulos a kantin magani, waɗanda aikinsu shi ne tsare ruwa a cikin hanjin kansa, abin da ruwan gora ya kasa yi.

Daga wata baiwar Allah a Makka: "To wai nawa ne daidai? Wasu sun ce kofi takwas, wasu lita uku. Ni aikin gida nake yi, mijina kuma aikin gini."

Hajiya, ke da maigida ba ma'auninku ɗaya ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ƙiyasta a 2010 cewa mace na buƙatar lita 2 a rana, namiji lita 2.5, kuma wannan ya haɗa da ruwan da ke cikin abinci, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan abin da za ki sha da baki lita ɗaya da rabi ne zuwa biyu, wato babbar gora ɗaya da ɗan ƙari. Shayi, kunu, laban da romo duk suna cikin lissafi. Mai shayarwa ta ƙara kamar kofi uku.

Wannan ƙiyasin na masu zama a inuwa ne a ƙasa mai sanyi. A Makka zafi kan haura digiri 45, kuma mai aikin gini na iya zubar da lita guda na gumi cikin awa ɗaya. Shi maigida yana daga cikin waɗanda ƙarin ruwa ke warware wa taurin bayan gida da gaske. Ya riƙa shan kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20 yayin aiki, kada ya jira ƙishirwa, kada kuma ya kwankwaɗi lita biyu a zama ɗaya. Ku duba fitsari: in ya yi ruwan ɗorawa mai haske, ya isa, in ya yi duhu kamar shayi kuma kaɗan ne, akwai saura.

Daga wani magidanci a Madina: "Mahaifiyata tana da shekara 67, tana shan maganin hawan jini, da na ƙarin jini, da taramadol saboda gwiwa. Muna ta ba ta Zamzam da filasko, amma cikin ya ƙi."

Allah ya ba Baba lafiya. Na fi zargin jakar magungunanta. Taramadol da danginsa irin su kodin suna rage motsin hanji, ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ayon tana taurara bayan gida, wasu magungunan hawan jini ma haka, musamman berapamil. Babu yawan ruwan da zai tada hanjin da magani ya kwantar. Kada ku tsayar da kowanne da kanku. Ku kwashe su duka a leda ku kai wa likitanta ya duba wanda za a canza.

Ku kuma tambaye shi nawa ya dace ta sha. In tana da raunin zuciya ko na ƙoda, ruwa mai yawa na iya kumbura mata ƙafa ya kawo haki, kuma a tsofaffi yakan tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. Filasko, wanda Larabawa ke ce wa sana makki, magani ne na gaske, amma jiƙon gida ba shi da awo, yau ya yi rauni gobe ya murɗa ciki. Ƙwayarsa da aka auna ta fi aminci.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: me ya sa jininta ya yi ƙasa tun farko? Ƙarancin jini tare da sabon taurin bayan gida a mai shekara 67 yana buƙatar a duba babban hanji da na'ura, ko da ba ta ga jini da ido ba. Ku nemi a yi wannan maganar a ziyara ta gaba, tare da gwajin suga da na maƙoƙo. In kuwa ciki ya kumbura, tana amai, iska ma ba ta fita, wannan na sashen gaggawa ne a ranar, kuma kada a ba ta filasko kafin ku tafi.