Tambayar yara kan aikin da ake ba su su yi a gida

Tambaya: "Salamu alaikum malamai. Ina koyarwa a aji shida na firamare nan Zinder. Ina so in rubuta takardar tambayoyi in san yadda yarana ke yin aikin gida. Yaya zan tsara ta?"

Wa alaikumus salam Malama. Fara da gyara kalmar nan "aikin gida", don ita ta kayar da ni lokacin da na yi irin wannan a ajina a Birni. Na rubuta: "Kina yin aikin gida kullum kuma kina gane shi?" Kusan duk 'yan matan suka ce e. Sai da na zauna da wata yarinya ta ce mini, "Malam, ai ni ke shara da ɗebo ruwa." Tun ranar nake rubuta "aikin da malam ya bayar a yi a gida". Kuma tambaya biyu ce na cusa a ɗaya: yaron da ke yi amma ba ya ganewa, me zai amsa? Ki raba su.

"Kullum" ma ki bar ta. Yaro ya san amsar da malami ke so, ita zai ba ki. Ki tambaye shi abin da zai iya tunawa: "Aiki na ƙarshe da aka bayar, yaya ka yi da shi?" Zaɓi huɗu: na gama duka, na yi rabi ko fiye, na fara kaɗan, ban taɓa shi ba. Kada ki nemi minti nawa ya ɗauka, yawancinsu ba agogo gare su ba. Lokacin salla suka sani: bayan la'asar, tsakanin magariba da isha'i, bayan isha'i, da safe kafin fitowa. Ki ƙara "a cikin aji kafin malam ya shigo", wallahi a nan gaskiya ke fitowa.

Ma'aunin Likert, wato jerin amsoshin da ake auna yardar mutum da su, wanda ya fito a 1932, mataki biyar ne, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". A ganina ya yi wa ɗan shekara 12 yawa. Uku ko huɗu sun isa, kowane da kalmarsa, ba lamba tsirara ba. In za ki ƙirga kwanakin da yaro ya yi aikin a mako, ki sa 0, 1–2, 3–4, 5. Wanda ya rubuta 1–3 da 3–5 ya bar mai kwana uku da gida biyu.

Kafin ki buga da yawa, ki gwada da yara biyar na wani aji, kowa ya faɗa miki da bakinsa abin da ya fahimta. Ranar cikawa kada a sa suna, wani malamin ya karanta musu tambayoyin da Hausa, su jefa takardun cikin kwali. In kika ga yaro ya zaɓi amsar farko tun daga sama har ƙasa, ki ware takardarsa, bai kula da tambayoyin ba.