Maigidana yana faɗin so da Turanci, amma faɗa da Hausa yake yi

Tambaya: "Salam 'yan uwa, daga Tudun Wada nake, shekararmu biyu da aure. Maigidana kullum yakan gaya mini yana so na, amma da Turanci. Na ce ya faɗa da Hausa, sai ya yi dariya ya kau da kai. Amma in ransa ya ɓaci, Hausa zalla ce ke fitowa. Shin son na fatar baki ne, fushin ne na gaske?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ban san maigidanki ba, don haka ba zan rantse miki a kan abin da ke cikin ransa ba. Amma abin da kika kwatanta bai isa shaidar ƙarya ba, kuma ni kaina na taɓa faɗawa cikinsa ta wata fuska mai ɗaci. Bari in fara da nawa.

Shekara tara ke nan na yi ɓari, cikin wata huɗu. A asibiti likitar da ta duba ni ba Bahaushiya ba ce, sai muka yi da Turanci. Na zayyana mata komai tiryan-tiryan, ranar da jinin ya fara da yawansa da inda ciwon yake, idona a bushe, kamar labarin wata nake bayarwa. Har na fara mamakin taurin zuciyata. Da la'asar Innarmu ta iso daga cikin Birni, ta zauna bakin gado ta ce, "Sannu, ya jikin?" Na buɗe baki in ce mata cikin ya zube, kalma uku kacal, amma ban iya ƙarasa su ba. Maƙogwarona ya shaƙe, kuka ya ƙwace mini. Abu ɗaya ne ya faru, rana ɗaya, mutum ɗaya. Za ki ce ai don uwa ce, kuma haka ne, tana da nata rabon. To amma daga baya na lura ko ƙawayena na wurin aiki, in zan ba su labarin sai in tsinci kaina na koma Turanci daidai wurin da ke da zafi, in na wuce shi in dawo Hausa. Wannan ne ya sa na shiga karance-karance a kan lamarin, da yake koyar da harshe ne aikina.

Ga yadda na fahimce shi. Kalma ba ma'anarta kaɗai muke koya ba, muna haɗiye ta ne tare da yanayin da muka fara jin ta. Ki tuna ranar da mahaifiyarki ta fara ce miki "kin ba ni kunya." Ba a allo kika gan ta ba. Kin ji ta ne da muryarta, kin ga fuskarta, gabanki yana faɗuwa, wataƙila ga tsumagiya a hannu. An maimaita wannan sau da yawa kafin ki cika shekara bakwai, har kalmar da faɗuwar gaban suka zama abu ɗaya. Turanci kuwa yawancinmu a aji muka same shi. Malam ya rubuta, muka kwafa, muka haddace don jarrabawa. Kalmar so ta Turanci mun san fassararta sarai, amma babu wanda ya taɓa goya mu yana faɗa mana ita.

An gwada wannan a jikin mutane. A 2003 wata mai bincike, Catherine Harris, da abokan aikinta biyu sun tara Turkawa 32 mazauna Amurka waɗanda suka koyi Turanci bayan sun girma. Suka maƙala musu 'yar na'ura a yatsu mai auna ɗan gumin da fata ke fitarwa in zuciya ta motsa, gumin da mutum bai ma san yana yi ba. Sai aka riƙa gabatar musu da kalmomi da Turkanci da kuma Turanci: na yau da kullum, na zagi, da irin tsawar da ake yi wa yara. Jikinsu ya fi amsa zagi da tsawa in da Turkanci ne, kuma tsawar yara ce ta nuna bambancin ƙarara. Waɗannan manya ne masu jin Turanci sosai, amma tsawar da aka yi musu suna ƙanana tana nan ajiye da harshen da aka yi ta.

Sai dai kada ki ɗauka cewa harshen farko yana da wani asiri na kansa. Da ita wannan mai binciken ta sake gwajin da masu jin Sifaniyanci da Turanci, waɗanda suka tashi da Turancin tun yarinta ba su nuna irin wancan bambancin ba. A nan Zariya ma muna gani. Na san Fulani da Fillanci ne harshen da suka fara ji, amma a Hausa suka yi wasa, suka yi faɗa, suka yi zance, yau in abu ya taɓa su Hausa ce ke zuwa. Yaron da ya tashi a Sabon Gari cikin ƙabilu, in ya fusata Buroka za ki ji, ko da gidansu Hausa ake yi. Ga kuma Larabci: da yawa daga cikinmu ba za mu iya cinikin tumatir da shi ba, amma in liman ya ja addu'ar ƙunuti a goman ƙarshe na azumi, sai ki ga sahu guda yana hawaye. Mun koye shi cikin tsoron Allah da bege, sai ya zo da su. Abin dubawa shi ne da wane harshe aka rayu da wannan abin, ba wane ne ya riga zuwa ba.

Yanzu mu zo kan maigidanki. Faɗa ya koye shi da Hausa tun yana yaro, a tsakar gida da filin ƙwallo, kuma in rai ya ɓaci mutum ba ya da sukunin zaɓen kalma, wadda ta fi kusa ita ke fita. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne.

Na son shi ne ya fi buƙatar a tsaya. Ki tambayi kanki, a gidan da ya tashi, ya taɓa jin mahaifinsa ya dubi mahaifiyarsa ya ce "ina son ki"? A gidanmu dai ban taɓa ji ba, kuma na san iyayena sun so juna, don Baba bai taɓa dawowa daga kasuwa hannu rabbana ba, ko da ƙullin goro ne. Mu mutane ne da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mace ba ta kiran sunan mijinta sai dai Malam ko Alhaji ko baban wane. A wurinmu abin da ya fi kusa da zuciya shi ake yi wa kunya. To "ina son ki" da Hausa tana ɗauke da wannan kunyar gaba ɗaya. In zai faɗe ta, ji yake kamar ya faɗa a gaban iyayensa. Ta Turancin kuwa ba ta da wannan nauyin, a fim da saƙon waya ya tsince ta, babu dattijon da ya taɓa harararsa a kanta. Dariyar nan da kau da kai da kike gani, ni a wurina sun fi kama da kalmar ta yi masa nauyi fiye da a ce babu komai a ransa. Wanda ba ya jin komai, ai da wane harshe ma zai faɗa ya wuce, ba abin da zai rage shi da shi.

Ba mu kaɗai ba ne. A Hong Kong, a 1986, wasu masu bincike biyu, Bond da Lai, sun sa ɗalibai mata masu jin Kantonanci da Turanci su tattauna batutuwa, wasu na abin kunya wasu na yau da kullum. Da aka zo na kunyar, sun fi sakin baki su yi doguwar magana in da Turanci ne. Kuma Jean-Marc Dewaele, a binciken da ya fitar a 2008, ya tambayi mutum 1,459 masu jin harsuna da dama da wane harshe furta so ya fi nauyi a ransu. Kaso mafi girma sun ce da harshensu na farko, amma wani kaso mai tsoka ya zaɓi harshen da ya koya daga baya, don ba sabon abu ba ne mutum ya yi soyayyarsa da zaman aurensa da harshen da ba na gidansu ba.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a gare ki. In da Turanci kuka yi zance, da shi ya riƙa turo miki saƙo kafin aure, da shi ya faɗa miki ran farko, to shekara biyu ko uku na maimaitawa sun fara ɗora wa kalmar nata tarihin. Ta yiwu yanzu ba fanko ba ce a bakinsa kamar yadda kike zato.

Amma zan gaya miki inda abin yake ɓaci, don na ga ya ɓata. Nisan nan da harshe na biyu ke bayarwa yana iya zama mafaka ga mai gudun nauyi. Ki kwatanta "sori" da "na yi kuskure, ki yafe mini." Ta farkon ana jefa ta ana ɗaure takalmi. Ta biyun sai mutum ya sauke kai kafin ta fita, shi ya sa mai laifi ya fi son ta farkon, wadda aka yi wa laifin kuma take jin kamar ba a ba ta haƙuri ba. Haka zagi: mutum zai jefi matarsa da wata kalma ta Turanci da ba zai taɓa iya faɗin Hausarta ba, shi yana ganin bai faɗi komai ba, ita kuwa ta fassara ta a ranta ta ji ta da cikakken zafinta. Kuma waccan na'urar da na ambata motsin jiki kawai take aunawa a kan rukunin mutane, ba ta bambanta mai gaskiya da maƙaryaci, balle ta auna son miji guda.

Saboda haka in kina son ki gane, kada ki tsaya a kan kalma ɗaya. Ki saurari Hausarsa a lokacin da ba fushi yake ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, me ya ce, kuma da wane harshe? In ya shigo ya tarar kin gaji, akwai "sannu da aiki"? Akwai "kin ci abinci kuwa?", akwai "Allah ya yi miki albarka"? Da waɗannan ne ya ga ana nuna so a gidansu, kuma in yana yin su, to taushinsa ma da Hausa yake fitowa, ba faɗa kaɗai ba. In kuwa kin duba kin ga Hausarsa ba ta da komai sai tsawa, duk wata tattausar magana sai an aro Turanci, kuma aikinsa bai cike giɓin ba, to damuwarki tana da tushe, kuma wannan ya wuce batun harshe, sai a zauna a yi magana.

Abu ɗaya da ba na ba ki shawara shi ne ki tsare shi ido cikin ido ki ce sai ya faɗa. Kunya ƙaruwa take yi in ana kallon ta. Ni nawa maigidan a rubuce ya fara iyawa. Na riƙa tura masa saƙo da Hausa in yana wurin aiki a Samaru, ba tare da na nemi ya mayar da irinsa ba. Wata biyu yana amsawa da Turanci. Ran nan sai ga amsa da Hausa, layi ɗaya, kuma da ya dawo gida da yamma bai yarda mun haɗa ido ba sai bayan isha'i.