Takardu biyu, ɗaya ta Bompai ɗaya ta Abuja

"Kawu, barka da warhaka. Abokin Baba ya yi mini hanya na samu aiki a wani kamfani a Bompai, albashi naira 260,000. Sai ga wani kuma a Abuja, naira 350,000. A al'adarmu rashin kunya ne in ƙi wanda babba ya samo mini? Kuma ya dace in tsaya ina yi musu tambayoyi a kan kuɗi? Ga hoton takardun biyu."

Ɗana, saƙonka ya sa ni murmushi, daga baya kuma ya sa ni tagumi. Murmushin na ganin har yanzu akwai yaron da ke jin nauyin abokin mahaifinsa ne, Allah ya yi maka albarka. Tagumin kuwa, na lura a takardun nan biyu layin albashi kaɗai ka ja wa layi da biro. Sauran shafukan da alama ko buɗe su ba ka yi ba, kuma a nan maganar take.

Ka koma kan takardar Abuja ka dubi sunan da ke samanta. Ba sunan ma'aikatar da za ka zauna a cikinta ba ne, sunan kamfanin da ke samo musu ma'aikata ne. Ma'ana su ne iyayen gidanka, waccan ma'aikatar haya kawai take yi da kai. An kuma rubuta kwantiragin wata 12, "ana iya sabuntawa". A shafukan da suka fito a hoton babu maganar fansho, babu ta asibiti, kuma ba a rarraba albashin ba, dunƙule aka ba ka shi. Ta Bompai kuwa ta ce gwajin wata 6 sannan a tabbatar da kai, ta kuma fayyace cewa ainihin albashi da kuɗin gida da na mota sun tashi naira 200,000, sauran 60,000 alawus ne.

Wannan rarrabawar ba ado ba ce. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga waɗancan ukun, kamfani kuma ya ɗora aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, a zuba duka a asusun fanshonka. A lissafinka ke nan za a cire maka 16,000, su ƙara 20,000, duk wata 36,000 na shiga asusu mai sunanka. A shekara 432,000 ke nan, ban da ribar da kamfanin kula da fanshon zai juya. Wannan 20,000 ɗin albashi ne da ba ya bayyana a layin da ka ja wa biro. Dokar ta kuma wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Samari ba sa son jin wannan, amma mahaifiyarka da ƙannenka su ne maganar ta shafa.

Yanzu mu zo hanya, don a nan 90,000 ɗin da ta ruɗe ka za ta narke. Mahaifiyarka ta ce a Mararraba za ka sauka wajen abokinka kafin ka kama ɗaki, ofishin kuma yana cikin gari. Duk wanda ya san hanyar Nyanya zuwa AYA da safe ya san sai an fita ana idar da sallar asuba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba, don haka ka tambayi abokin naka abin da yake kashewa a wannan makon. Mu ƙaddara 3,000 ne zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki ya zama 66,000. Abincin rana a waje, a ce 2,000, ya zama 44,000. Ɗaki in ka samu na 600,000 a shekara, 50,000 ke nan duk wata, kuma a dunƙule mai gida zai karɓa tare da la'adar dillali tun kafin albashin farko ya shigo. Zuwa Kano ganin gida sau ɗaya a wata, mu sa 30,000. An ci 190,000, saura 160,000, ba a cire haraji ba tukuna.

A Bompai fa? Cire 16,000 na fansho, cire kuɗin adaidaita sahu a ce 1,000 a rana, 22,000 ke nan. Takardar ta ce akwai abincin rana a kantin ma'aikata. Kana kwana a gida, amma ba zan bar ka ka ci bulus ba, sa 40,000 na cefane da kuɗin wuta. Saura 182,000. Ka ga ƙaramin albashin ya bar maka abin da ya fi na babban, ga kuma 36,000 na taruwa a gefe. Ban ma sa lokaci ba. Awa biyu da safe, awa biyu da yamma a cunkoson Mararraba, awa 88 ke nan a wata, daidai da kwana 11 na aikin awa takwas da babu mai biyan ka. Kakanka ya kan ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Da hatsi yake nufi in an kawo masa babban buhu mai ƙaiƙayi, amma ta hau kan takardarka daidai.

Kada ka ɗauka ina tura ka Bompai ne ido rufe. Kalmar "dindindin" a takarda ta yaudari mutanen da suka fi ka wayo.

A zamaninmu wanda ya samu aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna ana ganin ya gama dacewa. In aka busa tashi, kekuna ne ke cika titi har mota ba ta samun hanya, masu abinci da masu shayi duk a jikin masaƙun suke ci. Iyaye na ba da 'ya'yansu ga ma'aikacin masaƙa ba tare da dogon bincike ba. Akwai wani bawan Allah a unguwarmu da ya yi shekara 23 a ɗaya daga cikinsu, har ya kai shugaban sashen rini. Abin bai zo musu rana ɗaya ba. Da farko albashin da ake biya ranar 25 ya koma ranar 5 ga wata mai zuwa, daga nan ya koma rabi-rabi. Aikin da ake yi kashi uku a rana ya koma biyu, ya koma ɗaya. Motocin auduga suka daina shigowa, atamfa ta taru a sito babu mai ɗauka saboda ta waje ta cika kasuwa. Wata safiyar Litinin a farkon shekarun 2000 suka zo da kwanukan abincinsu suka tarar da sarƙa da kwaɗo a ƙofa, an manna takarda cewa a dakata har sai an neme su. Mutane ɗaruruwa suka tsaya cirko-cirko, wasu suka zauna a bakin kwata, babu mai iya komawa gida ya faɗa wa iyali. Har azahar suna nan, a bakin ƙofar suka yi sahu suka yi salla. Shi wannan mutumin ya riƙa zuwa ƙofar nan duk wata da fayil ɗinsa a hannu yana bin garatuti. Kuɗin sallamarsu a littafin kamfanin yake, da kamfanin ya durƙushe sai ya durƙushe da shi. Irin wannan na cikin abin da ya sa aka sauya tsarin fansho a 2004, kuɗin ya koma asusun ma'aikaci a hannun wani kamfani dabam, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, yana bin ka duk inda ka koma aiki.

To amma tsarin ma sai an sa ido. Akwai kamfanonin da ke cire kashi 8 ɗin a takardar albashi ba sa turawa, alhali doka ta ba su kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka je bakin ƙofar kamfanin Bompai lokacin tashi, ka samu ma'aikaci biyu ko uku a wajen mai shayi, ba waɗanda abokin babanka zai haɗa ka da su ba. Ka tambaye su ranar da albashi ya shigo a wata ukun da suka wuce. Ka tambaya ko saƙon shigar fansho na zuwa musu a waya, kuma na wane wata ne na ƙarshe. Ka tambaya ko kamfanin na ba da katin asibiti kuma yana aiki, ko in an je sai a ce kamfani bai biya ba, da ko ya haɗa da mata da yara, tun da aure na gabanka. Ka dubi ko manyan motoci na shiga da fita, ko janareta na tashi in an ɗauke wuta. Manyanmu sun ce matambayi ba ya ɓata. Abin da ke ba ni takaici da ku shi ne za ku yi sati kuna binciken wayar da za ku saya, amma wurin da za ku ba shi ƙuruciyarku ba za ku iya taka ƙafa ku je ku gani ba.

Sai maganar ci gaba, kuma a nan Abuja na iya yin galaba. Tambaya ɗaya ce za ka yi a kowane wuri: wanda ya riƙe kujerar nan kafin ni, ina yake yanzu? In an ce an ƙara masa girma, alama ce mai kyau. In an ce mutum uku ne suka riƙe ta cikin shekara biyu, ka san da walakin. A kamfanin iyali irin na Bompai sau da yawa manyan kujeru na 'ya'yan gida ne, sai mutum ya shekara goma a mataki ɗaya. A Abuja kuma ka tambaya cikin 'yan kwantiragi nawa aka mayar cikakkun ma'aikata bara, da ko ana tura su kwas tare da sauran. In za su ba ka a rubuce cewa akwai fansho da asibiti, kuma aikin zai koya maka abin da za ka sayar a ko'ina, saurayi marar iyali na iya jure Mararraba shekara biyu. In ba su rubuta ba, ka ɗauka babu. Alkawarin baki na manaja yana tafiya ne ranar da aka sauya manajan.

Tambayar kuɗi kuwa ba rashin kunya ba ce in an san yadda ake yin ta. Ba wajen dattijon za ka kai ta ba, ofishin kula da ma'aikata za ka je, ka roƙi su nuna maka abin da zai shigo hannunka bayan haraji da fansho, da kwanakin hutun shekara, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Aikinsu ke nan, kullum ana tambayar su.

Shi kuma abokin mahaifinka, mutuncinsa ya sa a gaba ya nema maka, wannan ba a amsa shi da saƙon waya. Ko me ka yanke, kada ya ji a bakin wani, kada kuma ka karɓi aikin ka yi wata biyu ka gudu, wannan ya fi ƙin karɓa tun farko ciwo. A da ba yaro ke zuwa shi kaɗai ba, babba ake haɗa shi da shi. Ka fara zuwa Bompai ka yi tambayoyin nan, ka kira abokinka na Mararraba ya ba ka kuɗin mota na gaskiya, sannan ka zo mini da takardun ranar Juma'a bayan masallaci, ainihinsu ba hoto ba, don shafi na uku na ta Abuja bai fito ba. Ka gaida mahaifiyar taka.