Sati biyu ina rubuta abinci amma kilo bai motsa ba

"Ina Samaru Zariya, sati biyu kenan ina rubuta duk abin da na ci amma sikeli na nan a kilo 82, me zan canza?"

Yar uwa kar ki rage abinci tukuna, sati biyu yayi kadan wallahi. Ruwan jiki kadai kan boye kilo daya ko biyu, musamman in al'ada ta kusa ko kin ci abu mai gishiri da magi da yawa. Ki dinga hawa sikeli da safe bayan kin zaga, kafin ki karya, sai ki kwatanta matsakaicin wannan satin da na wancan, ki kuma auna kugu da tef din tela, in kugu na raguwa toh aiki na tafiya.

In an kai sati hudu shiru, man girki zaki fara dubawa. Cokalin cin abinci daya na man gyada ko manja kalori kusan 120 ne, kuma mu bama aunawa, tuttulawa muke a miya, ga wanda kosai da awara suka sha a kasko wanda ba wanda yake rubutawa. Ace cokali uku ke kubce miki kullum, 360 kenan, in 400 kike ragewa a rana kinga 40 kawai ya saura, dole sikeli ya tsaya. Haka sugan zobo da kunun aya da dandanon miya.

Ki auna mai da cokali, shinkafa kuma ki aunata danya don dafaffiya ta sha ruwa. In duk ya daidaita sai ki cire kalori 150 zuwa 200 kawai, ki kara tafiyar minti 30. In akwai kumburin kafa ko yawan kasala ki je asibiti a duba ki.