Yadda ake mayar da dogon babi takarda ɗaya

Yaya, barka da war haka. Na samu gurbin karatun likita a Masar, kuma zan taho nan da wata uku in Allah ya yarda. Matsalata ita ce duk sa'ad da na zauna taƙaita babi mai shafi talatin, sai in tashi da shafi goma, bayan mako guda kuma in rasa abin da na rubuta. Yaya kuke yi ku mayar da shi shafi ɗaya?

Ƙanena, barka kadai, Allah ya sa a zo a sa'a. Abin da ke kai mutum ga shafi goma shi ne rubutu tun kafin ya san inda babin ya dosa, domin wanda bai ga ƙarshen zance ba yakan ɗauki kowane layi da muhimmanci, sai ya kwafe shi don tsoron kada a tambaya. Haka na yi a shekarata ta farko a Alƙahira, kuma babin da ya raba ni da wannan ɗabi'a shi ne na ƙoda da yadda take samar da fitsari, don haka da shi zan yi maka misali.

Kafin ka ɗauki biro, ka ba babin minti goma kana duba manyan kanunsa, da zanen da ke ciki, da tambayoyin ƙarshensa, ba tare da ka karanta jimlolin ba. A babin ƙoda za ka iya ƙirga kanu goma sha biyar ko fiye, amma in ka lura da kyau za ka ga cewa kusan dukkansu suna ƙarƙashin ayyuka uku ne: ƙoda tana tace jini, tana mayar da abin da jiki ke buƙata cikin jinin, sannan tana ƙara zubar da wasu abubuwa daga jini zuwa cikin fitsari. Ka ƙara na huɗu, wato yadda jiki ke daidaita yawan ruwan da ke fita, ka ga ka samu kanun takardarka. Kanun da marubuci ya sa ba dole ba ne su zama naka, domin shi yana rarraba zance ne don ya koyar daki-daki, kai kuwa kana harhaɗa shi ne don ka tuna.

Daga nan sai ka raba takardar gida huɗu, kuma kada ka yi rabon daidai wa daida, kada kuma ka bi yawan shafukan da littafin ya ba kowane sashe. Littafi yakan kashe shafi biyar a kan siffar ƙoda da sunayen sassanta, alhali zanen nefuron guda ɗaya a tsakiyar takarda, wato ɗan ƙaramin bututun nan da kowace ƙoda ke da kimanin miliyan ɗaya irinsa, ya ɗauke maka wannan duka. Gida mafi faɗi na mayarwa ne, tunda a nan yawancin tambayoyin "me ya sa" suke. A saman takardar kuma ka rubuta layi ɗaya da ya ɗaure babin gaba ɗaya: abin da ya fita a fitsari shi ne abin da aka tace, a debe abin da aka mayar, a ƙara abin da aka zubar.

Sai yanzu za ka karanta babin a tsanake, sashe bayan sashe, kuma duk sashen da ka gama ka rufe littafin kafin ka cike gidansa. Wannan ne matakin da ɗalibai suka fi gudu, saboda yana nuna wa mutum jahilcinsa nan take. Idan ka rufe littafin ka kasa rubuta layi biyu, to ba ka fahimta ba tukuna, kuma gara ka gane haka a ɗakinka da ka gane a zauren jarrabawa.

A gidan tacewa, ni alƙaluma biyu kawai na rubuta. Ƙodoji biyu suna tace kimanin mililita 125 a minti ɗaya, fitsarin da mutum ke yi a rana kuma kimanin lita ɗaya da rabi ne a bisa al'ada. Ban rubuta lita 180 da ake tacewa a rana ba, domin in ka ninka 125 sau 1440, wato mintocin yini da dare, kai tsaye za ka same ta. Ban kuma rubuta cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na ruwan yana komawa jini ba, tunda wanda ya kwatanta 180 da ɗaya da rabi ya riga ya gani. Ƙa'idata ke nan a kan alƙaluma: duk wanda zan iya fitarwa daga wani, ba shi da wuri a takarda.

Game da muhimman kalmomi, kada su wuce uku ko huɗu a kowane gida. Ka rubuta kalmar daidai yadda take a littafin, da harshen da za a yi maka jarrabawa, domin malami ba zai karɓi kwatance a madadinta ba, amma ma'anarta ka rubuta da Hausa a kalma biyar ko shida. Gulomerulus, alal misali, a takardata "dunƙulen jijiyoyin da ke tace jini" ne kawai. In ka ga ma'anar ta ƙi shiga Hausa, yawanci alama ce cewa haddace ta ka yi, ba ka gane ta ba.

Misali kuwa ɗaya ya isa kowane gida, amma ya zama wanda in ka tuna shi zai jawo sauran bayanin. A gidan mayarwa na rubuta "ciwon sukari" kawai. Lafiyayyar ƙoda tana mayar da dukkan gulukos, wato sukarin jini, da ta tace, amma ikonta yana da iyaka, don haka idan sukarin jini ya haura kimanin miligiram 180 a cikin mililita 100, rarar takan zube cikin fitsari, ta ja ruwa tare da ita, mutum ya riƙa yawan fitsari da jin ƙishi. Kalma biyu sun riƙe maka shafi uku ke nan. A gidan daidaita ruwa na sa "azumi da bazara", domin kowa ya san yadda fitsarin mai azumi ke raguwa ya yi duhu da la'asar, kuma wannan aikin sinadarin ADH ne, wanda jiki ke saki idan ruwa ya yi ƙaranci don ƙoda ta ƙara mayar da ruwa. A gidan tacewa, furotin a fitsari, alamar matatar ta samu rauni. A gidan zubarwa, fenisilin, maganin da ƙoda ke zubarwa daga jini zuwa cikin fitsari.

Kuskuren da ya taɓa cin min maki shi ne ƙanƙanta rubutu don komai ya shiga, har takardar ta zama babin ne aka matse shi. Idan sai ka kusanto da ita hancinka kafin ka karanta, to ka yi wa kanka wayo ne kawai, sai ka sake wata. Akwai kuma abin da wannan hanya ba ta ɗauka, kamar jerin magunguna da ma'auninsu, ko sunayen tsokoki da jijiyoyi, waɗanda haddarsu daban take, kuma in ka cusa su a nan za su cinye wurin bayani.

Bayan kwana biyu ka ɗauko takardar ba tare da littafin ba, ka amsa tambayoyin ƙarshen babin da ita. Tambayar da ka kasa ka koma littafin ka nemo layin da ya ɓace, amma kafin ka shigar da shi sai ka goge wani, domin takardar ta ci gaba da zama ɗaya. Ka gwada da babin ƙoda na littafin bayoloji da kake da shi a gida, ka ɗauki hoton takardar ka turo min in duba kafin ka taso.